Gyaran tsakuren kundinki kafin ranar Juma'a

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Jiya bayan isha'i na ajiye tsakuren gefe guda, babi na huɗu gefe guda, na bi su layi-layi.

Tsawo tukuna, don shi ne mai sauƙi. Masu taron sun ce kada ya wuce kalma 250, naki 312 ne. Ki zaɓi tsakuren kaɗai, ban da take da muhimman kalmomi, ki danna Ctrl+Shift+G a Word, za ki gani da idonki. Jimloli uku na farko, masu tarihin Momo, wato tura kuɗi ta waya, a Gana, sun cinye kalma 58. Ki share su. Jimla ɗaya ta isa: an soma karɓar harajin tura kuɗi ta waya a Mayun 2022 a kan kashi 1.5 cikin ɗari, aka rage shi zuwa kashi 1 a Janairun 2023. Sunayen marubuta biyun nan da kika sa cikin baka su ma su fita, wurinsu babi na biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne tsakuren ya faɗi abin da kundin bai faɗa ba. Kin rubuta mata 60. Jadawali na 4.1 ya nuna 54, domin shida sun janye. Na san 60 kika yi niyya, amma wanda kika samu shi za ki rubuta.

Sai kuma "matan zango a Gana". Haba ƙanwata! Masu koko da ƙosai kika zanta da su, a unguwannin Nima da Mamobi na Accra. Ba ki taka Sabon Zango ba, balle Aboabo ko Asawase a Kumasi. Ki ambaci unguwannin biyu da sana'ar, shi ke nan.

Jimlar da ta ce harajin "ya sa" mata sun bar karɓar Momo, a nan za a kama ki. Abin da ke hannunki shi ne 31 daga cikin 54 sun ce sun rage karɓa. A shafi na 47 kuwa, da kanki kika kawo maganar wata hajiya da ta ce ita ba haraji ne ya dame ta ba, tsoron 'yan damfara ne. Ki rubuta "sun ce", ki kuma saka damfarar, tunda ita ce dalili na biyu a jadawalinki. Wallahi ni ita ta fi ja mini hankali, ga shi ko ƙyallinta babu a tsakuren.

Shawarar ƙarshe ta bai wa matan rance ban gan ta ko'ina a babi na biyar ba. Ki cire.

Idan kin gyara, zai sauko wajen 235. Ki turo mini daren Alhamis in sake dubawa kafin ya je hannun Malam. A gaida Umma.

Yayanki