Batutuwan bincike kan farashi da hauhawarsa, ga ɗaliban tattalin arziki 'yan Zango

Assalamu alaikum ƙannena. Tun da aka shiga shekarar ƙarshe, da yawanku kun zo mini da take ɗaya: hauhawar farashi a Ghana. Wannan kogi ne, ɗalibi ba ya haye shi cikin wata huɗu. Ku kama kaya ɗaya da tambaya ɗaya, kuma ku ga alƙaluman da idonku kafin ku kai wa malami take.

Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne albasa. Yawancin wadda muke ci a Kumasi daga Nijar ake lodo ta. A Yulin 2023 aka yi juyin mulki a can, ECOWAS ta sa takunkumi, hanya ta yi wuya. To, farashi nan take ya tashi ko sai bayan wata biyu? Tashin na rufe iyaka ne, ko na lokacin da albasa ke ƙaranci kowace shekara? Sai an jera watanni iri ɗaya na shekarun baya kafin a raba su. Farashin kasuwannin Ghana da Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, ke tarawa yana kyauta a HDX, shafin alƙaluman ayyukan jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ku fara duba ko layin albasa bai yanke ba. Wanda babansa ko kawunsa ke wannan sana'a ya fi kowa sa'a, domin zai ji abin da lamba ba ta faɗa.

Akwai kuma sidi da dala. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, shekarar da sidi ta zube. Hukumar Ƙididdiga ta Ghana tana fitar da CPI, wato ma'aunin farashin kayan masarufi, kowane wata, tana ware kayan gida da na waje, Babban Bankin Ghana kuma yana wallafa farashin musaya. Ku haɗa su ku ga wata nawa faɗuwar sidi ke ɗauka kafin ta iso kan shinkafa da man girki, kuma in ta farfaɗo, ko farashi na saukowa.

Masara ma batu ce: tazarar farashi tsakanin Tamale, Techiman da Kumasi, da yadda take buɗewa in man fetur ya hau. Mai son aiki mara nauyi ya kwatanta hauhawar farashin abinci a yankin Ashanti da na Arewa.

Lissafin shekara-shekara a Excel, in an jera alƙaluman CPI ko farashi na kowane wata daga B2 zuwa ƙasa:

```
=(B14/B2-1)*100
```

Ku kula, an sauya shekarar tushe ta CPI zuwa 2021, kada ku liƙa tsohon jeri da sabo kai tsaye. Kuma saukar hauhawa zuwa kashi 23.2 a Disambar 2023 ba arha ba ce, gudun tashin ne ya ragu.

Ranar Asabar bayan La'asar ina Aboabo, a ajin makarantar dare. Kowa ya zo da takensa da jerin alƙaluma na aƙalla wata 36.

Yayarku,
Hajara