Neman zama ɗalibarka a digiri na uku, da tambaya kan tallafin karatu

Ranka ya daɗe, Farfesa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki.

Sunana Hauwa'u, daga Kano. Ba lalle ne ka tuna da ni ba. Bara, a taron da ka gabatar da maƙala kan rubutun ajami, ni ce wadda ta tare ka a bakin ƙofa da hoton wata tsohuwar wasiƙa a waya. Ka karanta layi biyu, ka yi dariya, ka ce mai wannan hannu ɗan kasuwa ne, sauri yake yi. A ranar ka ce duk ɗalibin da zai rubuto maka ya rubuto da Hausa, don kada taka ta yi tsatsa a Hamburg. Shi ya sa na ajiye Turanci.

Buƙatata biyu ce. Ina so ka duba ko za ka karɓe ni a matsayin ɗalibar digiri na uku, kuma ina neman shawararka kan yadda zan samu kuɗin karatun.

Na yi digirina na farko da na biyu a fannin Hausa a Jami'ar Bayero. Na biyun ya kamata in gama shi a 2022, sai yajin aikin malaman jami'o'i ya cinye wata takwas na wannan shekarar, na kammala a 2023. Yanzu ina koyarwa a wata kwalejin ilimi a Jihar Jigawa. Na yi makarantar allo tun ina ƙarama, saboda haka ina karanta warashi ba tare da wahala ba. Larabcina na karatu ne, ba na hira ba.

Wasiƙar da na nuna maka ba ita kaɗai ba ce. Kakan mahaifiyata Ba'agale ne, fataken goro ne su tun kaka da kakanni, kuma ya bar wata adaka da ke ƙarƙashin gadon gwaggona har yau. Na ƙirga takardu 213 a ciki. Akwai wasiƙu daga Kumasi da Ikko, akwai lissafin huhunan goro da aka ɗoro a jirgin ƙasa, akwai takardun bashi da sunayen shaidu. Guda goma sha ɗaya ne kawai ke da kwanan wata, mafi tsufa a cikinsu ta shekarar 1347 ce ta Hijira, wato tsakanin 1928 da 1929. Da na ɗaga wasu a hasken rana na ga alamar jinjirin wata guda uku a jikin takardar, irin wadda ake kawowa daga Italiya. Wasu kuma a bayan rasiɗi aka yi su, ko a fallen littafin makaranta.

Abin da ya ja hankalina shi ne yadda suka bambanta da ajamin da aka koya mana a aji. Mu waƙoƙi muka karanta, na Nana Asma'u da sauran malaman jihadi, rubutu mai wasali cikakke, an yi shi a natse don a rera. Waɗannan kuwa sukan buɗe da sallama da "amma ba'adu" cikin Larabci, daga nan sai Hausa zalla, wani lokaci babu wasali ko ɗaya. Mutum guda zai rubuta kalma ɗaya iri biyu a shafi ɗaya, nan da kaf lasan, can da ƙaf wau. Akwai wani wakilin kakan namu a Kumasi da ba ya sa ɗigon imala sam, har sai da na yi mako biyu kafin in gane kalmar da nake ta karantawa "sani" ashe "sane" ce. Ni a ganina wannan ba rashin iya rubutu ba ne. Ina zaton fatake suna da tasu ƙa'idar da suka fahimci juna da ita, a daidai shekarun da boko ke kafuwa bayan Ɗan Hausa, wato Baturen nan Hanns Vischer, ya fitar da ƙa'idojin rubutunsa a 1912. Wannan zaton nake so in gwada. Zai iya yiwuwa na yi kuskure, amma ba zan sani ba sai na kwatanta da takardun wasu gidaje da kuma abin da ke Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna.

Akwai abu ɗaya da nake da shi wanda ba kowane mai bincike ke da shi ba. Irin waɗannan adakoki a hannun tsofaffin mata suke, a ƙuryar ɗaki, inda baƙo namiji ba ya wuce zaure. Ni ina shiga. Gidaje uku a Madabo da Ƙoƙi sun riga sun yarda in ɗauki hoton nasu, bisa sharaɗin ba za a fitar da ko falle ɗaya daga gidan ba, kuma za a sakaya sunayen waɗanda ake bi bashi, don jikokinsu suna nan a unguwa. Lokaci kuma ba ya jira, gara ta riga ta ci gefen wasu.

Dalilin da ya sa na zaɓi Hamburg shi ne cibiyarku ta nazarin rubuce-rubucen hannu. Na iya karanta abin da ke rubuce, amma ban iya karanta takardar kanta da tawadarta ba, kuma takardu 202 marasa kwanan wata sai ta wannan hanya za a kusanci shekarunsu. Gwaggona da na ce mata garin su Abdulkarim ne, Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851, cewa ta yi to ai ziyara zan rama.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne babban dutsen. Da TETFund na sa rai, sai aka dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga farkon 2025. Na san ba a biyan kuɗin makaranta a wajenku sai ɗan abin da ake bayarwa kowane zango, amma kuɗin da ake so mutum ya nuna don biza, sama da Yuro 11,000 a shekara, albashina na shekaru ba zai haɗa shi ba. Saboda haka DAAD na nufa, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, ina neman tallafinsu na masu digiri na uku. Suna buƙatar wasiƙa daga malamin da ya amince zai duba aikin, kuma digirina bai kai shekara shidan da suke iyakancewa ba.

Shin kana da gurbin sabon ɗalibi a zangon da zai fara Oktoban baɗi? In akwai, za ka iya ba ni wannan wasiƙa bayan ka ga tsarin binciken? Ina kuma so in san ko cibiyar kan ɗauki ɗalibai da kuɗinta, da kuma ko za a yarda in rubuta kundin da Turanci. Jamusancina bai wuce gaisuwa da tambayar hanya ba tukuna, ko da yake ina koyo kullum bayan sallar asuba. Ina da ɗa ɗan shekara huɗu, zan so jin yadda ɗalibai masu yara ke yi da masauki a can.

Na haɗo tsarin binciken mai shafi shida, da tarihin karatuna, da sakamakon digiri biyun, da hotunan wasiƙu biyar tare da yadda na juya su zuwa boko. A ta huɗun akwai layi na bakwai da ya gagare ni, na bar shi yadda yake. In ka ga aikin bai nuna ba, ka faɗa mini kai tsaye inda ya rage. In kuma ba ka da sarari, zan yi godiya in ka nuna mini wani malamin da ya dace.

Ina iya magana ta Zoom kowace rana bayan ƙarfe huɗu agogon Najeriya, ban da Juma'a.

Na gode ƙwarai. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Taka,
Hauwa'u Garba
Kano, 16 ga Yuni, 2025