Shimfiɗar Darasi: Gabatar da Kason Lamba ga Aji Huɗu

Darasi: Lissafi
Aji: Firamare 4B, ɗalibai 44, biyu-biyu a benci
Tsawon darasi: minti 40, shimfiɗa za ta ci minti 12 na farko
Kayan aiki: fallen takarda 2 masu girma ɗaya, siraran takardu 66 da aka yanka tsawo ɗaya, igiya 2 (mai tsawon mita 2 da mai tsawon mita 1), almakashi, alli

Malama, tunda ke za ki karɓi wannan aji ranar Litinin, na rubuta miki shimfiɗar dalla-dalla yadda na tsara ta. Buƙatata ɗaya ce: a cikin waɗannan mintoci 12 kada alli ya rubuta 1/2 a kan allo. Yaran sun san rabi tun kafin su san harafi. Suna cewa ƙarfe uku da rabi, suna cewa saura kwata, suna rigima a kan wa ya samu kaso mai tsoka. Aikinmu mu fito da wannan sani fili, mu ga inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni, sannan mu ɗora sabon abu a kansa.

Abin da nake zaton suna da shi a hannu: sun yi rabawa a zangon da ya wuce, sun saba rubuta amsa kamar "3 saura 1". Abin da nake shakka a kai: ko sun ɗauki rabi a matsayin kashi biyu daidai wa daida, ko kuwa duk abin da aka gutsura gida biyu rabi ne a wurinsu.

Minti 1 zuwa 2: Ina kuka taɓa jin ta?

Ki rubuta kalma ɗaya a tsakiyar allo, RABI, ki zagaye ta. Ki ce:

"Yara, wannan kalmar ba baƙuwarku ba ce. Kowa ya juya wajen abokin zamansa, ya gaya masa wuri ɗaya da ya taɓa jin an ce rabi."

Ki ba su daƙiƙa 30, sannan ki karɓi amsa huɗu ko biyar, ki rubuta su kewaye da kalmar yadda suka faɗa, ba gyara. Za ki ji rabin awa, rabin hanya, hutun rabin lokaci a wasan ƙwallo, rabin shafi. In wani ya ce sunan yayarsa ke nan, Rabi, a yi dariya a wuce, amma ki yaba masa, domin ya nuna kunnensa na tare da ke. Kada ki daɗe a nan. Buɗe baki kawai ake yi.

Minti 3 zuwa 5: Rabon zalunci

Ki kira ɗalibi ɗaya gaba, misali Sani, wanda ba ya jin nauyin magana. Ki ɗaga fallen takarda, ki ce za ki raba shi da ke rabi da rabi. Sai ki yaga shi da gangan, ɓangare ɗaya babba sosai, ɗayan ɗan ƙarami. Ki miƙa masa ƙaramin, ki riƙe babban, ki ce da fuskar gaskiya: "Ga rabinka, ga nawa."

Daga nan ki yi shiru. Ajin da kansa zai ɗau magana.

Lokacin da na yi wannan da 4A a makon jiya, wata yarinya a bencin baya ta miƙe ba tare da ta ɗaga hannu ba, ta ce, "Malam, ai ka ɗauki rabi babba!" Wannan jimlar ita ce abin da nake nema, kuma ina fata ke ma ki same ta. Akwai gaskiya a cikinta, don yarinyar ta ga an yi rashin adalci. Akwai kuma kuskure, don ta yarda cewa rabi yana da babba da ƙarami. In kin ji irinta, ki rubuta "rabi babba" a gefen allo da alamar tambaya, ki mayar musu:

"Akwai rabi babba da rabi ƙarami? In akwai, me ya sa Sani bai yarda da nasa ba?"

Kada ki ba da amsa. Ki miƙa wa Sani falle na biyu ki ce ya nuna wa aji yadda za a raba ba wanda zai yi ƙorafi. Kusan kullum yaro zai ninke takardar, ya haɗa baki da baki, ya murza layin da farce kafin ya yaga. Ki tsayar da shi a daidai lokacin da yake haɗa bakin, ki tambayi aji dalilin da ya sa yake yin haka. Kalmar da muke jira ita ce "daidai". Da zarar ta fito daga bakin ɗalibi, ki rubuta ta da manyan baƙaƙe a ƙarƙashin RABI. Idan ke kika faɗe ta, ta zama ƙa'idar malama da za a haddace a manta. Idan su suka faɗe ta bayan sun ga an cuci Sani, za su kare ta har ƙarshen zango.

Minti 6 zuwa 9: Sauran da ya ƙi zama saura

Nan ne zuciyar shimfiɗar, kuma nan nake so ki fi ba da lokaci ko da sauran matakan za su matsu.

Ki fara da abin da suka iya. Ki tambaya da baki: takarda 6 tsakanin mutum 2, nawa-nawa? Takarda 8 fa? Za su amsa da sauri, su ji daɗin kansu. Sai shugabannin layi su raba wa kowane benci siraran takardu 3. Ki ce:

"Ku biyu ne, takardu uku ne. Ku raba daidai, kuma ba na son ko ɗaya ta rage a kan benci."

Ki zaga tsakanin layuka, hannunki a baya, bakinki a rufe. Abin da za ki gani zai kasu iri-iri. Wasu za su ɗauki ɗai-ɗai, su tura ta ukun gefe, su ce saura 1, don abin da muka koya musu ke nan, kuma ba su yi laifi ba. Ki ce musu kawai, "To wannan ta wa ce?" ki wuce. Wasu za su ninke ta ukun su yaga nan take. Za a samu benci ɗaya ko biyu da za su yaga duka ukun gida biyu-biyu, kowa ya kwashi guda uku. Waɗannan ki riƙe sunansu a zuciya, domin sun gano da hannunsu cewa rabi uku daidai yake da ɗaya da rabi, abin da ba za mu kai gare shi a rubuce ba sai nan da makonni. Wasu kuma za su zauna suna kallon takardar, suna tsoron yaga kayan makaranta. Ki gaya musu an yarda su yaga.

Bayan minti biyu ki tsayar da su, ki tambayi benci biyu masu hanya daban: "Nawa kowannenku ya samu?" Za su ce ɗaya da rabi. Ki ja layin lamba gajere a allo, ki sa 0, 1, 2, 3, ki ce wani ya zo ya ɗora yatsa a inda ɗaya da rabi take zaune. Yaron zai yi ɗan jim, sannan ya sa yatsa a filin da ke tsakanin 1 da 2. Ki ɗiga alli a wurin, ki bar shi ba suna.

Wannan ɗigon yana da muhimmanci a wurina fiye da yadda girmansa ya nuna. Shekara uku yaran nan suna ƙirga 1, 2, 3 kamar ba komai a tsakani. Da yawa daga cikin waɗanda na koyar suna kaiwa aji shida suna ɗaukar 3/4 a matsayin lambobi biyu da aka ɗora ɗaya kan ɗaya, ba lamba guda mai mazauninta a kan layi ba. Gyaran wannan daga baya yana da wuya ƙwarai, shi ya sa nake so su ga mazaunin tun kafin su ga rubutun.

Minti 10 zuwa 11: Rabin me?

Ki ɗauko igiyoyin biyu. Ɗalibai biyu su ninke kowace a tsakiya, ki yanke da almakashi. Ki ɗaga rabin doguwar a hannun dama, rabin gajeriyar a hagu, su yi reto gefe da gefe: ɗaya mita 1, ɗaya santimita 50.

"Ɗazu kun ce rabi daidai yake. Ga rabi, ga rabi. Me ya sa ba su zo ɗaya ba?"

Wani zai ce ai igiyoyin ma ba tsawonsu ɗaya ba. Shi ke nan. Ki rubuta "rabin me?" a ƙarƙashin DAIDAI, ki nuna musu "rabi babba" da ke gefen allo, ki tambaya ko yanzu sun ga inda ya halatta da inda bai halatta ba. In lokaci ya ƙure, wannan matakin za ki iya ɗagawa zuwa Talata. Na takardu ukun kam kada ki taɓa shi.

Minti 12: Tambayar da za a bari a buɗe

Duk wanda ke da cikakkiyar takarda ya ɗaga ta. Ki ce:

"Takarda ɗaya irin wannan, an raba wa mutum 4 daidai. Wata irinta, an raba wa mutum 8 daidai. A wane rukuni kake so ka kasance in kana son kaso mai girma? Mai son na 4 ya ɗaga hannun dama, mai son na 8 ya ɗaga hagu."

Ki ƙirga hannuwan, ki rubuta adadin a littafinki, kada ki ce wa ya yi daidai. A 4A ɗalibai 11 cikin 42 ne suka zaɓi 8, kuma da na tambayi ɗaya daga cikinsu ya ce ai 8 ta fi 4. Gaskiya ya faɗa a kan lambobin da ya sani. Ba duk sanin da yaro ya zo da shi ne zai taimake shi ba, wani sai ya ja shi baya, kuma gara mu gan shi yau da hannu a sama da mu tarar da shi a takardar jarrabawa. Waɗanda suka ɗaga hagu su ne za ki fara tsayawa a bencinsu in an shiga aikin ninke takarda. Ki kuma lura da masu leƙen maƙwabci kafin su ɗaga, su ma ki sa su a lissafi.

Game da kalmomi: in wani ya kawo kwata, ko rubu'i, ko sulusi, ki karɓa ki rubuta a gefe, ki tambaye shi kashi nawa ake yi kafin a samu wannan. Amma kada ki jero musu humusi da sudusi da sauransu yau. Mu tsaya a kan "ɗaya bisa biyu" da "ɗaya bisa huɗu", don wannan salon faɗar shi ne zai bi rubutun sama da ƙasa kai tsaye.

Kafin ki shiga gangar jikin darasi, ki duba allo. Ya kamata a samu RABI da misalansu kewaye da ita, DAIDAI, "rabin me?", da layin lamba mai ɗigo marar suna. Kada ki goge ko ɗaya. Ki koma wajen ɗigon, ki ɗora yatsa a kansa, ki ce:

"Kun san sunan wannan wurin da baki, ɗaya da rabi. Ɗaya kun iya rubuta ta. To rabin fa, yaya za mu rubuta shi da lamba? Kowa ya buɗe littafinsa ya gwada, minti ɗaya, kafin in nuna muku yadda masu lissafi suka yi."