Wasiƙa zuwa ga Hajiya Rabi kan abincin taron Nuwamba

Unguwar Nasarawa, Kano
Litinin, 13 ga Oktoba, 2025

Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da iyali da yaran aiki baki ɗaya. Allah ya ƙara albarka a sana'a.

Kamar yadda muka fara magana a waya ranar Juma'a, kwamitinmu yana shirya taron masu bincike kan gero, dawa da wake, daga Talata 11 zuwa Alhamis 13 ga Nuwamba, a ɗakin taron nan na Nasarawa da na kwatanta miki. Muna sa ran mutum 140. Yawancinsu daga jihohin Arewa ne, sai baƙi daga Maraɗi da Damagaram, da wasu daga Gana da Indiya. Kowace rana muna son shayi da abin taɓawa ƙarfe 10:30 na safe, abincin rana ƙarfe 1:30 bayan an idar da Azahar, sai abin sha da ɗan abin motsa baki bayan La'asar. Daren Laraba kuma akwai liyafar mutum 60.

Tun wajen rajista muka tambayi kowa abin da jikinsa ko addininsa ya hana shi ci. Ina roƙonki ki karanta wannan sashe a natse kafin ki taɓa lissafi, domin a kansa ne za mu yanke shawara.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne gyaɗa. Mutum uku jikinsu ba ya karɓar ta, ɗaya daga cikinsu ta rubuto cewa ko ɗan ɓurɓushi ya shiga bakinta maƙogwaronta kumbura yake yi, numfashi ya sarƙe, har da allura take yawo a jaka. Hajiya, kin fi ni sanin yadda gyaɗa ke ɓuya a girkinmu. Tana cikin man suya, tana cikin yajin tsire da kilishi ta hanyar ƙuli-ƙuli, tana cikin miyar taushe da kwaɗon zogale da dambu, ga kunun gyaɗa. Tsame ta daga faranti bayan an gama ba ya wadatarwa, kuma ludayin da ya shiga miyar taushe kada ya koma tukunyarsu. Muna so a dafa nasu a tukunya daban, da man da kika tabbatar ba na gyaɗa ba ne, ba wanda aka auno a kwalba ba a san asalinsa ba. A rufe shi, a rubuta sunan mai shi a kai, mutum ɗaya tak cikin yaranki ya riƙa miƙa musu. Idan kina ganin ɗakin girkinki ba zai iya wannan rabuwar ba, don Allah ki faɗa mini tun yanzu. Ba abin kunya ba ne, kuma ba zai hana mu ba ki sauran aikin ba.

Akwai kuma mutum ɗaya da jatan lande ke yi wa irin wannan illa, har busasshen da ake dakawa a zuba a miya ko alala.

Mutum biyu ba sa cin alkama ko kaɗan. Wannan ya fitar da burodi, taliya, funkaso, cincin, fanke da duk abin da aka yi da fulawa, har da tuwon samo. Shinkafa, acca, gero, dawa, masara da doya ba su da matsala, muddin ba a sa fulawa don kauri ba. Ki duba bayan kwalin dunƙulen da kike amfani da shi, wasu akwai alkama a ciki. Daddawa da gishiri sun ishe su.

Masu ciwon suga 18 ne, masu hawan jini 25, wasu sun haɗa duka biyun. Ba sai an yi musu girki daban ba idan aka gyara na kowa. A rage gishiri da dunƙule a tukunya, a ajiye gishiri a tebur ga mai so. Zoɓo da kunun aya a kawo kashi biyu, mai suga da marar suga, da rubutu a jikin kowace kula. Shayi ma a kawo ruwansa daban, madara daban, suga daban. A abincin rana kada a rasa wake ko alala, da ganye mai yawa, da kifi ko kaza gasassu, don kada mutum ya ga shinkafa ce kawai a gabansa. Wainar da za a ba su kada a sa suga a ƙullinta.

Baƙinmu shida ba sa cin nama, kifi ko ƙwai, biyar cikinsu daga Indiya. A nan ne aka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya: a tsame nama daga miya a ce ga tasu. Romon nama da dunƙule mai ɗanɗanon kaza duk nama ne a wurinsu. Suna shan nono da madara, suna cin wake, shinkafa, dankali da kayan lambu. Ina so abincinsu ya zama cikakke kamar na kowa, kada a sallame su da latas da tumatir kwana uku suna kallon faranti.

Naman taron duka ya zama yankan Musulmi, wannan na san ba sai na tuna miki ba. Barkono a sassauta saboda masu gyambon ciki, a kawo yaji a gefe. Ranar Alhamis kimanin mutum 15 za su yi azumin nafila, a zuba nasu a mazubi mai murfi su tafi da shi, tare da dabino.

Tunda taron na gero da dawa ne, zai yi kyau baƙi su ci abin da suke bincike a kai. Ko da rana ɗaya a yi tuwon dawa miyar kuka ko kuɓewa, a kawo fura da nono da yamma.

Sai maganar kuɗi. Mun san yadda kasuwa take, daga buhun shinkafa a Singa zuwa kwandon tumatir a 'Yankaba, ga gas ga kuɗin mota. Ba ma neman arahar da za ta sa ki rage yankan nama ko ki matse yaranki. Amma kuɗin taron nan daga rajistar mahalarta da ɗan tallafi ya fito, kuma sai na yi bayanin kowace naira a gaban kwamiti. Saboda haka kada ki ba mu jimla ɗaya dunƙule. Ki rubuta kuɗin mutum ɗaya na shayin safe, na abincin rana da na yamma, kowanne daban, liyafar Laraba ma daban. Abincin mutum 12 da za a dafa a keɓe ki ba shi layinsa. Aiki ne na ƙari, hakkinki ne ki caje shi, mun fi son mu gan shi a fili. Haka kuɗin masu rabo, faranti da cokula, ruwan sha da jigila. Ki nuna ko harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari yana ciki, da kuma ranar da farashin zai daina aiki idan kasuwa ta motsa.

Ba zan ɓoye miki ba, mun nemi farashi a wurin wasu masu abinci biyu, ƙa'idar kwamiti ce. Ba lallai mafi araha ne zai samu ba. Wanda muka zaɓa za mu ba shi rabin kuɗi ranar sa hannu, ragowar cikin kwana uku bayan taro. Adadin mutane na ƙarshe zai zo miki ranar Talata 4 ga Nuwamba, kuma ki faɗa mana yadda za a yi idan mutum goma suka ƙaru ko suka ragu bayan nan.

Muna jiran amsarki a rubuce zuwa Litinin 20 ga Oktoba, tare da jerin abincin kowace rana da kayan da ke cikin kowace miya. Idan ba damuwa, ni da Malama Hadiza mai kula da rajista za mu zo ranar Asabar 25 ga wata da hantsi, mu ɗanɗana, mu kuma ga inda za a dafa na waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa. Lambar da na kira ki da ita tana hannuna kullum.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naki,
Aminu
Sakataren kwamitin shirya taro