Takardar Jagora ga Ma'aikatan Sashen Lantarki: Aiki da Taima, Kaunta da Gano Canjin Sigina a Layin Cika Kwalabe

Abokan aiki, an rubuta wannan takarda ne saboda gyaran da za a yi wa shirin na'urar PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injuna, ta layi na biyu a masana'antarmu ta ruwan kwalba da ke Kakuri, Kaduna, kuma ana buƙatar duk wanda zai taɓa shirin ya karanta ta tukuna. Sunayen da ke ciki na ƙa'idar IEC 61131-3 ne, wadda ta fara fitowa a 1993, domin su ne kuke gani a allon kwamfutar sashen.

Na'urar ba ta kallon wayar sigina a kowane lokaci. Aikinta zagaye ne: ta karanta duk siginonin da ke shigowa, ta bi shirin daga sama zuwa ƙasa, ta aika sakamako ga injuna, sannan ta koma farko. A layinmu zagaye ɗaya yana ɗaukar kimanin milisakan 10, wato sau 100 ke nan a daƙiƙa guda. Kamar mai gadi ne da ke kewaya gida: abin da ya tarar idan ya iso ƙofa shi ya sani, abin da ya zo ya wuce kafin isowarsa kuwa bai gan shi ba. Saboda haka kafin ku rubuta kowane layi, ku tambayi kanku ko abin da kuke nema shi ne halin da sigina take ciki, ko kuwa lokacin da ta canza. A ganina yawancin kurakuran da ke ɓata mana kaya daga haɗa waɗannan biyu suke fitowa.

Taima mai jinkirta kunnawa, wato `TON`, ita ce aka fi amfani da ita. Idan ƙofar shiga `IN` ta zama `TRUE`, sai `ET` ta fara ƙirga lokaci, kuma ƙofar fita `Q` ba za ta kunnu ba sai `ET` ta kai lokacin da aka saita, wato `PT`. Da zarar `IN` ta faɗi, ko da na zagaye ɗaya ne, `ET` tana komawa sifili kuma `Q` tana mutuwa nan take. Wannan ɗabi'a ita ce amfaninta a tankin da famfon rijiyar burtsatse ke cikawa, domin ruwa yana kaɗawa, filotin ƙasa yana ta kunnuwa yana mutuwa, kuma idan aka haɗa shi kai tsaye da famfo to kwantakta za ta yi ta bugawa har ta ƙone.

```
tonKasa(IN := filotinKasa, PT := T#10s);
IF tonKasa.Q THEN famfo := TRUE; END_IF;
IF filotinSama THEN famfo := FALSE; END_IF;
```

Ku lura cewa layin kashewa shi ne na ƙarshe, don haka idan filoti ɗaya ya lalace har sharuɗɗan biyu suka haɗu, kashewa ce za ta yi rinjaye. Haka ya kamata ya kasance a ko'ina. Ku lura kuma cewa `TON` ba ta tara lokaci. Wanda yake son sanin awoyin da famfo ya yi yana aiki domin a san lokacin sa masa giris, ba ita zai ɗauka ba, sai taima mai riƙe ƙirgenta, wadda ake kira `TONR` a na'urorin Siemens, `RTO` kuma a na Allen-Bradley, kuma wannan ba ta komawa sifili sai an ba ta umarnin sharewa.

Taima mai jinkirta kashewa, `TOF`, tana kunna `Q` a daidai lokacin da `IN` ta kunnu, ƙirgen lokaci kuma ba ya farawa sai `IN` ta faɗi. Mun sa ta a fankar tandun da ke ƙanƙance leda a jikin kwalabe, da `PT` na `T#5m`, domin fanka ta ci gaba da juyawa minti biyar bayan an kashe hita. Idan aka sake kunna hita kafin mintunan su cika, ƙirgen ya rushe, zai kuma faro daga sifili a kashewa ta gaba. Akwai wani abu da nake so ku riƙe sosai, tun da yake ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne a garin nan. Idan wuta ta ɗauke tandu yana da zafi, sannan janareta ya tashi, na'urar za ta farka ta tarar da `IN` a kashe ba tare da ta ga faɗuwarta ba, saboda haka `Q` ba za ta kunnu ba, fanka ba za ta juya ba, zafin kuma yana nan a cikin tandu. Maganin wannan shi ne a ƙara sharaɗin ma'aunin zafi, ta yadda fanka za ta juya muddin tandu bai huce ba, ko taima tana ƙirge ko ba ta yi.

Ta uku ita ce `TP`, mai ba da bugu guda mai tsayayyen tsawo. Tashin `IN` ne ke tayar da ita, daga nan `Q` za ta zauna a kunne har tsawon `PT`, ko `IN` ta faɗi da wuri ko ta daɗe. Duk wani tashi da ya zo a tsakiyar bugun ba ta kula shi. Da ita muke buɗe bawul ɗin iska mai ture kwalbar da ba ta da murfi. Layin yana fitar da kwalba 6,000 a awa, wato kwalba ɗaya duk milisakan 600, don haka bugun `T#200ms` ya wadatar. Wanda ya mayar da shi `T#800ms` don yana ganin iskar ba ta da ƙarfi, to bugun zai kai har kan kwalbar da ke biye ko da tana da murfi, idan kuma ba ta da murfi taimar ba za ta kula da tashinta ba. Idan iska ta yi rauni, a duba kwamfaresa da tiyo.

Yanzu sai maganar gano canjin sigina, wadda nake so mu daɗe a kanta. Ga layin da sababbin ma'aikata suka fi rubutawa:

```
IF maballi THEN adadi := adadi + 1; END_IF;
```

A ido yana kama da daidai, amma idan ma'aikaci ya danna maɓallin na rabin daƙiƙa, na'urar ta yi zagaye 50 a cikin wannan lokaci, kuma a kowane zagaye ta tarar da sharaɗin a cike, saboda haka adadin zai ƙaru da 50 maimakon ɗaya. Abin da ake nema a nan shi ne lokacin dannawa, ba zaman maɓallin a danne ba. `R_TRIG` tana kwatanta abin da ta gani yanzu da abin da ta gani a zagayen baya, ta kunna `Q` na zagaye ɗaya tak idan sigina ta tashi daga `FALSE` zuwa `TRUE`. `F_TRIG` kuma haka take yi idan sigina ta faɗi.

```
tashi(CLK := maballi);
IF tashi.Q THEN adadi := adadi + 1; END_IF;
```

Dole a kira `tashi` a kowane zagaye, a wajen kowane `IF`. Idan aka saka ta cikin sharaɗin da wani lokaci ba ya cika, tunaninta zai tsaya a kan tsohon hali, `Q` ma tana iya maƙalewa a kunne, sai a sami bugun da babu wanda ya danna komai. Wannan doka ta shafi taima da kaunta ma, domin tubalin da ba a kira ba ba ya sabunta abin da yake fitarwa. Haka kuma kowace sigina da tata: kada a yi amfani da `tashi` ɗaya ga maɓallai biyu, kada kuma a kira taima ɗaya a wurare biyu, domin kira na biyu zai goge abin da na farko ya ajiye. Masu kwafe layi su liƙa a ƙasa su ne suka fi faɗawa cikin wannan, idan suka manta ba su canza suna ba.

Bugun zagaye ɗaya gajere ne ƙwarai, allon ma'aikaci ba zai nuna shi ba, kwantakta ma ba za ta ji shi ba. Idan ana son ya yi aiki a waje, a miƙa shi ga `TP` ta tsawaita shi. Sannan ku tuna da zagayen farko bayan dawowar wuta: idan kwalba tana tsaye a gaban sansa, `R_TRIG` za ta ɗauka yanzu ta iso, ta ba da bugu. A duk inda irin wannan bugun zai iya motsa inji, a toshe shi har sai ma'aikaci ya danna maɓallin farawa da hannunsa.

Kaunta mai ƙirge sama, `CTU`, tana da nata mai gano tashi a ƙofar `CU`, don haka babu buƙatar a sa mata `R_TRIG` a gaba. Tana ƙara ɗaya a `CV` a kowane tashi, `Q` kuma tana kunnuwa idan `CV` ta kai adadin da aka saita, wato `PV`, ko ta wuce. Ga yadda muke haɗa kwalba 12 a ƙunshi:

```
kaunta(CU := sansa, R := share, PV := 12);
share := kaunta.Q;
tpTuri(IN := kaunta.Q, PT := T#400ms);
```

Muddin ƙofar sharewa `R` tana kunne kaunta ba ta ƙirga komai, shi ya sa muka bar sharewar ta zama ta zagaye ɗaya. Da an haɗa `R` da sandar turi, wadda take ɗaukar lokaci kafin ta koma, da duk kwalbar da ta wuce a tsakani ta ɓace daga lissafi. `CTD` tana ƙirge ƙasa daga adadin da aka loda mata, `CTUD` kuma tana yin duka biyun, amma ba mu da su a wannan layi.

Lissafin kayan da aka fitar a yini yana da tasa matsala. Lambar `INT` ba ta wuce 32,767, alhali aikin awa takwas a kan 6,000 a awa ya kai 48,000, wato tun kafin awa ta shida ta cika ma'ajiyar ta ƙure. A yi amfani da `DINT`, a kuma ayyana ta da `RETAIN` domin kada ɗaukewar wuta ta share lissafin da sashen ajiya ke dogara da shi.

Idan ƙirge ya fara wuce gaskiya, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya a idon sansa, ku fara da goge idon da duba saitinsa. Kwalba mai haske takan sa sigina ta yi rawa, kwalba ɗaya ta fito kamar biyu. Bayan gogewa ana iya tace siginar da `TON` ta `T#30ms`, amma kada tacewar ta kai tsawon lokacin da kwalba take yi a gaban sansa, in ba haka ba babu wadda za a ƙirga. Akwai kuma iyakar da zagaye ba zai iya ƙetarewa ba. Enkoda mai bugu 1,000 a juyi ɗaya, a kan inji mai juyi 1,450 a minti, tana ba da bugu sama da 24,000 a daƙiƙa, na'urar da ke duba waya sau 100 a daƙiƙa kuwa kaɗan kawai za ta gani daga ciki. Irin wannan sai a kai ta ƙofar ƙirge mai sauri, wadda ake rubutawa `HSC`.

Maɓallin tsayar da gaggawa da makullan ƙofofin kariya ba sa bi ta taima ko mai gano canji, kuma ba a dogara da shirin PLC na yau da kullum a kansu. Suna da nasu rile na tsaro, kuma babu wanda aka yarda ya taɓa wannan haɗin. Kafin a loda kowane gyara, a ajiye kwafin tsohon shiri, a rubuta dalilin kowane `PT` da `PV` a gefensa, sannan a gwada abu uku a gaban shugaban sashe, bel babu kwalba: a riƙe sigina a kunne na tsawon lokaci, a kunna ta a kashe da sauri, a kuma yanke wutar na'urar a tsakiyar ƙirge a ga abin da za ta yi idan ta dawo. Za a fara aikin ranar Asabar bayan sallar Azahar, idan an tsayar da layin don wanki.