Darensa na farko a teku

Tun a gaɓa Baba Kyaftin ya ce masa, "Yaro, hannu ɗaya naka, ɗaya na jirgi." Habu bai gane ba, ya dai ce to Baba.

Sun zuba koma da magariba, komai lafiya lau, banda aman da ya yi ta sheƙawa har sauran masunta biyun suna masa dariya. Wajen ƙarfe 2 na dare iska ta ɗauke ɗif, sai wani sanyi ya biyo baya, taurarin gabas suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya kashe rediyonsa ya miƙe.

Aka yi walƙiya. "Ƙirga min," in ji shi.

Habu ya kai 15 kafin tsawa ta faɗo.

"Kilomita 5 ke nan, duk ƙirga 3 kilomita ɗaya. Ku ja koma, maza!"

Ai kuwa ko rabi ba su ja ba hadarin ya iso, ruwan sama na dukan fuska kamar tsakuwa, jirgin ya hau sama ya faɗo tim, ya sake hawa, fitila ta mutu, Habu ya ƙanƙame katako yana ta salati ƙafafunsa sun ƙi motsi. Komar da ke ruwa ta fara juya jirgin gefe, wanda shi ne abin tsoron, don in taguwar ruwa ta same ka ta haƙarƙari kifewa kawai za a yi. Baba ya zaro wuƙa ya datse igiyar. Koma sabuwa fil fa, da kifinta, ko waiwaye bai yi ba.

"Habu! Ga bokiti, durƙusa ka kwashe ruwa. Kar ka kalli teku, bokitinka za ka kalla."

"Baba mutuwa za mu yi?"

"Sai ka gama kwasar tukuna. Nawa ka zubar?"

"Bakwai..."

"Ci gaba, da ƙarfi ina ji."

Haka ya yi ta kwasa da hannu ɗaya yana ƙirge, ɗayan a jikin katako. Shi kuma tsohon ya saita gaban jirgin ya fuskanci taguwar a ɗan karkace, in za su hau ya ƙara wa inji wuta, sun kai ƙololuwa ya sassauta, yana yi yana wa injin faɗa kamar jikansa. A bokiti na 200 da wani abu lissafi ya ɓace wa Habu, ya koma daga ɗaya, ba wanda ya ce masa uffan.

Da asuba iska ta lafa. Baba ya sakar wa ɗaya daga cikin masuntan sandar inji ya zauna, ya ɗauko gorar ruwa, sai murfin ya gagare shi, yatsunsa sun sandare suna ta rawa. Ya miƙa wa Habu.

"Buɗe min, ɗana. Kuma in ka faɗa wa wani a gaɓa, ni da kai ne."