Jadawalin aikin gida na satin nan, daga Asabar zuwa Juma'a

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da dare. Ga rabon aikin satin nan. Kowa ta duba ranarta tun yanzu, kar a zo ana cewa ba a gani ba.

Asabar da Lahadi girki na Nafisa da Rukayya ne, shara da wankin bayi na Asma'u. Litinin da Talata ni da Shafa'atu za mu shiga kicin, Rukayya ta ɗauki tsintsiya. Laraba da Alhamis girkin Asma'u da Maryam, Nafisa na shara. Juma'a Maryam ta ce za ta yi mana tuwon shinkafa da miyar sure, tunda ba ta da lacca ranar, ni kuma zan wanke bayi in fitar da bola.

Shafa'atu, na cire ki daga shara gaba ɗaya saboda tarin nan. Ƙurar hunturun bana ba ta wasa ba ce, a share tsakar gida da asuba, kafin azahar kamar ba a taɓa ba. Mai shara ta riƙa yayyafa ruwa tukuna, don Allah. A madadin haka, Shafa'atu, ke za ki riƙa tarar mai ga-ruwa. Jarka shida kullum, a fara cika baro na bayi kafin randa.

Sai maganar tukunya, wadda ita ce ta sa na yi dogon rubutu. Wadda ta yi girki ita ke wanke tukunya a daren, ba da safe ba. Ranar Laraba na tashi ɗora ruwan koko na tarar da babbar tukunyar jiƙe da ƙanzon tuwo tun na jiya, muciya a tsaye a ciki, kyankyasai suna walima. Sai da na kankare ta da cokali, na makara laccar ƙarfe takwas, na ƙare da biyan kabu-kabu. Ban kira suna ba, mai abin ta san kanta. Kwanon da kika ci abinci kuwa naki ne, ba na mai girki ba.

Wadda ke son musanya rana ta nemi wadda za su yi da ita, sannan ta rubuta a nan kowa ya gani. Musanyar bayan fage ce ta sa muka kwana da garin kwaki makon jiya.

Kuɗin cefane naira 3,000 kowa, a ba Rukayya kafin Magariba gobe, don Asabar da sassafe za ta shiga Kasuwar Daji. Shinkafa ta kusa ƙarewa, manja ma saura ƙasan kwalba. Gas kuma ya yi sauƙi a hannu, saboda haka wake a dafa shi a gawayi.

Wadda ta gani ta amsa.

Yayarku Hadiza, ɗaki na 2